Ashirin Ba Biyu

Malama Sakinatu ba ta da ƙawa a ofishinmu, kuma ban taɓa jin ta koka a kan haka ba. Ni ce dai ake cewa ta fi kusa da ita, don teburina na jikin nata, amma kusancin bai wuce na tebur ba.

Ofishin lauyoyi ne a Nassarawa GRA, na Barista Ƙasimu, tsohon gida mai itatuwan maina da aka mai da falonsa wurin zaman baƙi. Yawancin aikinmu na gado ne da sulhu, irin rigimar masu hali da ba sa son ta kai gaban alƙali. Ni Tani, aikina sauraro ne. A naɗi maganar mutum a waya, a kawo mini, in sa abin ji a kunne in buga duk abin da bakinsa ya furta, har tarinsa da in'inarsa, da lambar shafi da ta layi da mintin da ya faɗa. Daga nan wani cikin ƙananan lauyoyi ya matse shafi goma ko sha biyar ya koma ɗaya ko biyu, don Barista ba ya karanta doguwar magana. Taƙaitawar nan ba ta shiga wurinsa sai ta bi ta hannun Sakinatu.

Ita ruwanta da lamba ne kawai. Takan ja layi ƙarƙashin duk wani adadi da kwanan wata da shekara da ke cikin taƙaitawar, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin cikakken rubutuna, sai ta ga inda mai maganar ya faɗa da bakinsa. In ya yi daidai, ta sa masa koren biro ta rubuta shafi da layi a gefe. In ya saɓa, jan biro, ta kwafi ainihin kalaman mutumin. In maganar ta yi baki biyu, ba ta zaɓar wa kowa, alamar tambaya take sawa a koma wurin mai ita. Ni ma ban tsira ba, don ko ɗan shakku ta yi sai ta karɓe abin jin daga kunnena ta saurara da kanta.

Abubuwan da take kamawa sai ka riƙe baki. Mutum ya ce wajen buhu talatin, mai taƙaitawa ya jefar da wajen ɗin ya bar talatin tsaf. Wani ya ce hamsin, ya yi shiru, ya ce a'a astagfirullah sittin, a ɗauki na farko a bar gyaran. Tsohuwa ta ce watan bakwai tana nufin Rajab, yaro ya rubuta Yuli. A ce bara, a rubuta shekara ba tare da an duba ranar da aka naɗi maganar ba. Duk wannan aiki ne mai kyau, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne yadda take jin daɗinsa. In ta kama kuskure, fuskarta har wani haske take yi, kamar mai talla ta sayar da kayanta da wuri. Ba za ta kira ka gefe ba. Sai ta jira falo ya cika.

An ce ba haka take ba da. 'Yar unguwar Gawuna ce, ta yi shekaru tana buga takardu a wata kotu. Wani magatakarda ya kwafi shekarar haihuwarta, ya mai da bakwai ɗaya, sittin da bakwai ta koma sittin da ɗaya. Ba ta lura ba sai da takardar ritaya ta same ta saura shekara shida ta isa. Ta yi ta zirga-zirga da takardunta na makaranta har takalminta ya ƙare, aka ce mata abin da ke fayil shi ne gaskiya. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'ya biyu suna karatu. Barista Ƙasimu ne ya ɗauke ta. Tun daga nan ta ɗauki duk mai yin kuskuren lamba a matsayin wannan magatakarda, ta shiga rama abinta a kan mutanen da ba su san hawa ba balle sauka.

Wadda ta fi shan wuyarta ita ce Barista Nabiha, ɗaya daga cikin ƙananan lauyoyinmu, 'yar gidan manya ce a nan GRA, ta yi karatu a waje, Hausarta ta cikin gida ce, ta gaisuwa da aiken direba. Yarinya ce mai ladabi, wallahi. Sakinatu kuwa ta tsane ta tun daga ƙamshin turarenta.

To, sai ga aikin gidan marigayi Alhaji Bappa. Ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana hulɗa da ofishinmu. Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya da baki a gaban shaidu, aka naɗa, ni na buga ta. A ciki ya ce yana da ƙananan gidaje a unguwar Tudun Murtala, kuma duk wanda ya cika shekara ashirin yana masa aiki a gida a ba shi ɗaya. Aka duba, ba su kai sulusin dukiya ba, wasiyya ta zauna. Matsalar ita ce Alhaji bai taɓa rubuta ranar da ya ɗauki kowa ba, hannu da hannu yake biyan mutanensa. Magada suka yarda a gaban malamin rabon gado cewa kowane ma'aikaci ya faɗi shekarunsa tsakaninsa da Allah, a naɗa, abin da ya faɗa shi za a bi.

Cikinsu akwai Baba Mamman kuku. Duk ofishin mun san shi, domin kowane azumi shi Alhaji ke aikowa da kulolin buɗa-baki, yana jan ƙafarsa ta hagu yana haki. Mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, amma gonar gidansu ta daɗe da shiga hannun 'yan'uwa, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure can nesa. Ɗakin bayan gidan Alhaji shi ne duk abin da yake da shi, kuma magada sun riga sun ce za a sayar da gidan. In ya sami gidan Tudun Murtala, ya sami inda zai ƙarasa kwanansa. In bai samu ba, babu inda za shi. Shi kaɗai ne kuma na taɓa ganin Sakinatu ta yi wa dariya, don ya gano tana son ƙanzon shinkafa, kullum sai ya ƙulle mata nata daban.

Na buga maganarsa ta kai shafi goma sha ɗaya, don Baba Mamman ba ya amsa tambaya sai ya zaga ta kasuwa. Nabiha ta taƙaita. A layinta na uku ta rubuta cewa Mamman kuku ya yi aiki shekara 22, ya cancanci gida.

Ranar da takardun suka zo teburin Sakinatu, babban ɗan marigayin, Alhaji Abdulbaqi, yana zaune a falo yana jiran Barista, yana ta danna waya. Nabiha na tsaye tana ba shi haƙurin jira. Na ga Sakinatu ta ja layi ƙarƙashin 22, ta buɗe shafi na biyu na rubutuna, ta bi da yatsa, ta tsaya. Ta miƙo hannu ba ta ko dube ni ba, na ba ta abin ji. Ta saurari wurin, ta mayar baya ta sake saurara. Sai na ga hasken nan ya hau fuskarta.

Dokarta da kanta ita ce ba a buɗe baki sai an kai shafin ƙarshe. Ta sha faɗa mana cewa wanda ya karanta rabin magana bai ji komai ba. Amma ga Nabiha tsaye, ga babban baƙo, abin ya fi ƙarfinta. Ta tashi da takarda a hannu ta tsaya bakin ƙofar falo.

"Barista Nabiha, ashirin ba biyu nawa ne a makarantarku?"

Nabiha ta juyo. "Na'am, Malama?"

"Shafi na biyu, layi na goma sha huɗu. Aka ce Baba shekararka nawa kana aiki. Ya ce, bana shekarata ashirin ba biyu. Ke kuma kika rubuta ashirin da biyu."

"Ai na ɗauka kuskuren bugu ne, Malama. Na ɗauka 'da' Anti Tani take son bugawa, sai ta buga 'ba'."

"Tani ta buga abin da ta ji, ni ma na ji. Ashirin ba biyu, ashirin ne babu biyu a ciki. Sha takwas ke nan. Ko mai sayar da ƙwai a bakin titi ya san wannan. Kin ƙara wa mutum shekara huɗu daga aljihunki, sai ki faɗa mana a ina kika samo su."

Idon Nabiha ya cika da ƙwalla. Sakinatu ta ji daɗi, na gani, kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ba ta kula ba cewa Alhaji Abdulbaqi ya ajiye wayarsa.

"Malama," ya ce a hankali, "wane ne mai sha takwas ɗin?"

A nan ta dawo hayyacinta, amma magana zarar bunu ce. Ta ce ba ta gama dubawa ba. Ya ce ba komai, sunan kawai yake tambaya. Takardar tana hannunta, sunan yana sama da manyan baƙaƙe, ya riga ya karanta.

Ta dawo ta zauna, ta ci gaba da aiki. Can a shafi na tara yatsanta ya sake tsayawa. Na san wurin, ni na buga shi. Baba Mamman yana ba da labarin zuwansa gidan, ya ce ranar da ya sauka ana fiɗar ragon sunan Hanif, kuma naman sunan nan shi ne girkinsa na farko a gidan Alhaji. Hanif shi ne autan marigayin, kwanan haihuwarsa yana cikin takardun gado da ke ofishinmu. Sakinatu ta jawo fayil ɗin ta duba. Yaron ya cika ashirin da ɗaya.

Ta rubuta a gefen taƙaitawar cewa 22 ba ta fito daga bakin mai magana ba, abin da ya faɗa a shafi na biyu sha takwas ne, amma a shafi na tara ya danganta zuwansa da abin da ya kai shekara ashirin da ɗaya. Ta zana alamar tambaya babba, ta ce a sake kiransa. Da kanta ta shiga da ita wurin Barista, abin da ba ta saba ba, har na jiyo ta tana cewa tsofaffi kan yi kuskuren lissafi, ragon suna kuwa ba ya ƙarya.

Aka kira Baba Mamman. Ya zo cikin wankakkiyar rigarsa ta Juma'a, ya cire takalmi tun daga baranda ko da yake an ce ya bari. Barista yana nan, Alhaji Abdulbaqi yana nan a madadin magada, ni da waya ina naɗa, Sakinatu a gefe da takardunta a cinya.

Barista ya ce, "Baba, ka ce ka zo gidan ranar sunan Hanif. Haka ne?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Raguna biyu ne ma, ɗaya baƙi."

"To Hanif shekararsa ashirin da ɗaya. Kai kuma ka ce ashirin ba biyu. Ko bakinka ne ya kuɓuce?"

Sakinatu ta ɗago ta zuba masa ido. Na san abin da idon ke roƙo, kowa a ɗakin ya sani, eh kawai ake so ya ce. Baba Mamman ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Bai kuɓuce ba. Ai tambayar da aka yi mini, shekarata nawa ina aiki. Zama daban, aiki daban. Alhaji ƙarami zai tuna lokacin da mota ta kaɗe ni a hanyar cefane, ƙashin ƙuguna ya karye. Shekara uku ban ɗora tukunya ba. Marigayi ya biya asibiti, ya bar ni a ɗakina, ana kawo mini abinci daga kicin ɗin da ni ya kamata in tsaya a ciki. To in sa waɗannan cikin shekarun aiki? An ce tsakanina da Allah zan faɗa. Na cire ukun nan, saura ashirin ba biyu."

Ni dai na ji kamar in kashe wayar in ce ta lalace.

Alhaji Abdulbaqi ya gyara zaman hularsa. "Allah ya saka maka da alheri, Baba. Irinku sun yi ƙaranci." Ya juya wurin Barista. "Me mahaifinmu ya ce daidai? A karanta mana."

Barista ya dubi Sakinatu, don ita ta duba taƙaitawar wasiyyar, koren bironta yana jikin layin. Ta karanta da murya ƙasa-ƙasa: duk wanda ya cika shekara ashirin yana mini aiki.

"Yana aiki," in ji Abdulbaqi. "Bai ce yana kwance ba."

Barista Ƙasimu ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ciwon nan a bakin aikin gidan aka same shi, marigayi kuma bai taɓa sallamarsa ba, mai hankali zai iya cewa shekarun suna ciki. Ya ce ko ba haka ba, magada suna da ikon su ba shi kyauta. Abdulbaqi ya ce shi ba zai yi kyauta da haƙƙin ƙannensa ba, akwai mata a ciki, kuma an yi alkawari a gaban malam cewa abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi za a bi, ga shi ya faɗa sau biyu. Ka ji mai tsoron Allah. Mutumin da motarsa ɗaya ta fi gidan nan tsada.

Barista ya gaya wa Baba Mamman cewa yana da damar kai maganar gaban alƙali. Tsohon ya zaro ido.

"In kai 'ya'yan Alhaji ƙara? Yaran da na goya, na dama musu koko? Haba, ranka ya daɗe. Abin da ba rabona ba ne, ba rabona ba ne."

Da aka tashi, Sakinatu ta bi shi har baranda. Yana ta fama da takalminsa, ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Ina bayansu, na ji komai.

"Baba, ni ce na tono maganar nan. An rubuta maka ashirin da biyu, da na yi shiru da yanzu gidan naka ne."

Ya ɗago yana dubanta, da gaske yana mamaki. "Ashirin da biyu? Subhanallahi. Ashe ƙarya aka so a ɗora mini in kwana a cikinta. To Malama, ai sai godiya. Ke kaɗai kika ji abin da na faɗa."

Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi. Ta tsaya nan har ya fita ƙofar get yana jan ƙafa.

Bayan an sayar da gidan, aka ba shi kuɗin mota da buhun shinkafa. Direban gidan, wanda shi ya sami nasa gidan, ya ce ya kai shi tasha da akwatinsa na ƙarfe da wata tsohuwar tukunya da ya roƙa aka bar masa. Wurin 'yarsa ya nufa, gidan suruki, abin da duk dattijo ke roƙon Allah ya raba shi da shi. Gidan Tudun Murtala ya koma cikin gado, na ji an zuba 'yan haya.

Alhaji Abdulbaqi kuwa bai manta da alheri ba. Ya aiko wa Sakinatu turmin atamfa mai tsada a cikin leda, da saƙon cewa ma'aikata irinta ne ke riƙe amana. Ta sa shi ƙarƙashin tebur. Har yau yana nan, mai shara yana zagaye shi.

Ni na buga maganar zaman na biyu, Nabiha ta taƙaita. Wannan karon ta bi a hankali, har ta zo ta tambaye ni abu biyu. Taƙaitawar ta zo teburin Sakinatu da hantsi. Na ga ta ja layi ƙarƙashin 21, da 3, da 18. Ta buɗe rubutuna ta bi da yatsa. Ta karɓi abin ji ta saurari muryar Baba Mamman, ta mayar baya, ta sake, ta sake, har na gaji da kallonta. Jan biron yana hannunta a buɗe, tana neman ko da kalma ɗaya da za ta rataya alamar tambaya a jiki. Ni da na buga na san babu, don tsohon ya faɗi komai tiryan-tiryan.

Can ta rufe jan biron ta ajiye. Ta ɗauki koren, ta sa wa sha takwas alamar daidai, ta rubuta shafi da layi a gefe kamar yadda ta saba, ta sa hannu a ƙasa. Sannan ta miƙo mini takardar ta ce in kai wa Barista, ita ba za ta shiga ba.